Mu 6 ne a aikin, oga yana so ya ƙaro mutum 4, kuma saura mako 5

Baban_Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa jagorantar aiki. Mu 6 ne muke haɗa wata manhaja, da ni a ciki, ni ne kuma nake riƙe da tawagar. Wa'adin da aka ba mu saura mako 5, mun kuwa san muna baya. Jiya oga ya ce zai ƙaro mana mutum 4 daga wani sashe domin mu cim ma lokaci. Da na nuna ɗari-ɗari sai ya ce in kawo masa hujja a rubuce, ba jin jiki ba. Wani abokin aikina ya ce min idan muka tashi daga 6 zuwa 10, hanyoyin sadarwa a tsakaninmu za su tashi daga 15 zuwa 45. Ban ƙara ko ninki ɗaya na mutane ba, ta yaya abu zai ninka sau 3? Kuma in lissafin gaskiya ne, ya isa hujjar da zan ce a bar mu mu 6?

Sabo_Dogo:
Wa alaikumus salam. Malam, karɓi mutanenka ka yi godiya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wasu suna kukan ba a ba su ko mutum ɗaya ba.

Ƙanwar_Maza:
Hanyoyi 45 kuma? Mu a wurin aikinmu guda 3 ne kacal: imel, kiran waya da guruf ɗin da muke tura saƙo. Ko mutum 100 aka kawo, ukun nan dai ne. Ku rage manhajojin da kuke hira a ciki, shi ke nan.

Malama_Lissafi:
@Ƙanwar_Maza 'yar'uwa, ba na'urar ake ƙirgawa ba, mutanen ake ƙirgawa bibbiyu. Duk mutum biyun da aikinsu zai iya sa su buƙaci fahimtar juna, hanya ɗaya ke nan, ko ta imel suka yi magana ko a bakin ƙofa.

Baban Khalil, lissafin abokinka daidai ne, kuma za ka iya gane shi ba tare da ka haddace komai ba. Ku 6 ne yanzu. Idan na 7 ya shigo, zai tarar da mutum 6, kowanne hanya ɗaya ce sabuwa. Na 8 zai tarar da mutum 7. Na 9 ya tarar da 8, na 10 ya tarar da 9. Tara su: 6 da 7 da 8 da 9, 30 ke nan. Ɗora a kan 15 ɗin da kuke da su, ka samu 45. Abin da ke ruɗa mutane shi ne suna zaton kowane sabon mutum nauyi iri ɗaya yake kawowa. A'a, na baya ya fi na gabansa tsada, don ya tarar da mutane sun fi yawa.

In oga yana son ganinsa a taƙaice, ga shi, `n` shi ne yawan mutane:

```
n(n-1)/2
6 × 5 / 2 = 15
10 × 9 / 2 = 45
```

Ɗan_Gwari99:
Malama, ni raba biyun nan ne ban yarda da shi ba. In ni na yi wa Baban Khalil bayani, daban ne da shi ya yi min. Kowa cikin 6 yana da mutum 5 da zai yi wa magana, 30 ke nan, ba 15 ba.

Malama_Lissafi:
Ba ka yi kuskure ba, wani abu daban ka ƙirga. Dubi gasar ƙwallo mai ƙungiyoyi 20. In kowa zai kara da kowa gida da waje, wasa 380 ne. In karawa ɗaya ce tsakanin kowace biyu, 190 ne. Kai ka ƙirga gida da waje. Masu tsara aiki sun saba ƙirga alaƙar sau ɗaya. Ko ma wanne ka ɗauka, daga 6 zuwa 10 ninki 3 ne: 30 ya koma 90, ko 15 ya koma 45.

Injiniya_Auwal:
Wannan shi ne irin girman da ke ninka kansa duk sanda aka ƙara mutum ɗaya. Shi ya sa manyan tawagogi ba sa taɓuka komai.

Dattijon_Aiki:
Injiniya, a nan ka ɗan zarce. Ba ya ninkawa da ƙarin mutum ɗaya. Daga 9 zuwa 10, hanyoyi sun tashi ne daga 36 zuwa 45. Abin da yake faruwa shi ne in ka ninka mutane sau 2, hanyoyi su ninka kusan sau 4: mutum 10 hanya 45, mutum 20 hanya 190. Yana da nauyi, amma bai kai yadda ka faɗa ba.

Akwai lissafin da yake yin irin abin da kake nufi, wataƙila shi ka ji. A 1933 wani masanin gudanarwa mai suna Graicunas ya ƙirga alaƙoƙin da shugaba zai lura da su, bai tsaya kan mutum bibbiyu ba, ya haɗa da kowane irin gungu da na ƙasa da shi za su iya yi. A lissafinsa mutum 4 a ƙarƙashinka alaƙa 44 ne, mutum 5 alaƙa 100, mutum 6 alaƙa 222. Wannan kam ya fi ninki biyu a kowane mataki. Sai dai ni ban taɓa kai shi gaban wani shugaba ba, don da zarar ya ji 222 zai ce wasa nake yi da lambobi, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Na dawo kan tambayarka ta biyu, Baban Khalil, don ita ce mai muhimmanci. A'a, 45 kaɗai ba hujja ba ce. In ka shiga ofishinsa da ita, zai tambaye ka, to sai me? Lambar ba ta gaya maka ko awa nawa za ka yi asara ba. Sai ka sa wa kowace hanya farashi na lokaci.

Mu ƙaddara kowa yana aikin awa 40 a mako. Mu ƙaddara kuma kowace hanya tana cin awa 1 a mako daga kowane ɓangare: tambaya, jiran amsa, duba aikin juna, gyara abin da aka fahimta a karkace. Ku 6, kowa yana da abokan hulɗa 5, saura masa awa 35, jimilla 210. Ku 10, kowa yana da 9, saura 31, jimilla 310. Ka ga a nan oganka ne da gaskiya, an samu ƙarin awa 100.

Yanzu a ce aikinku a sarƙe yake, kowace hanya tana cin awa 3. Ku 6, kowa ya rasa 15, saura 25, jimilla 150. Ku 10, kowa ya rasa 27, saura 13, jimilla 130. An ƙara albashin mutum 4, aikin da ake fitarwa ya ragu. Lambobin nan ƙaddarawa ce tawa don a ga siffar abin, ba awo ba ne. Naka aikin shi ne ka gano wanne ya fi kusa da ku.

Sabo_Dogo:
To ai ga shi Baba da kansa ya ce a lissafin farko riba aka ci. Na gaya muku.

Ummu_Hafsa:
Malam Sabo, karanta har ƙasa mana, lissafi biyu ya yi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban san komai a kan manhaja ba, amma na san wannan ciwon. Akwai lokacin da aka ƙaro mana ma'aikata 3 a ɗakin da nake saboda marasa lafiya sun yi yawa. Ɗaga mara lafiya, gwada zafin jiki, canza shimfiɗa, duk waɗannan sun yi sauƙi tun ranar farko. Inda muka sha wuya shi ne miƙa aiki in an canza masu duti. Da, mutum biyu ne za su tsaya su yi bayani su wuce. Bayan ƙarin, sai ka ji wannan ta gaya wa waccan, waccan ta zaci an riga an rubuta, ita kuma mai rubutawa ba wanda ya gaya mata. Sau biyu aka kusa maimaita wa mutum magani. Ba don kowa ya yi sakaci ba, kowacce ta gaya wa wata, ba dai wadda ta dace ba. Sai da muka koma takarda ɗaya da kowa zai sa hannu kafin abin ya lafa.

Dattijon_Aiki:
Hajiya, kin kawo abin da na tsallake. A ɗaki ɗaya kin ga aiki iri biyu: wanda ake rabawa ba sai an yi magana ba, da wanda duk ƙarin hannu ƙarin bayani ne. Farashin hanya a na farko kusan sifili ne, shi ya sa maganar Malam Sabo take tafiya daidai a can.

Mai_Gwaji:
Ba wanda ya ambaci Fred Brooks har yanzu? Shi ya jagoranci aikin babbar manhajar `OS/360` a kamfanin IBM, ya kuma fitar da littafi a 1975 inda ya ce ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Wannan lissafin na `n(n-1)/2` yana cikin hujjojinsa. Baban Khalil, kai wa oga wannan kawai, magana ta ƙare.

Dattijon_Aiki:
Haka ya ce, amma shi kansa ya yarda ya sauƙaƙa maganar ƙwarai da ya mai da ita doka. Kuma ba hanyoyin sadarwa kaɗai ya dogara da su ba. Ya kawo lokacin da sabo yake ɗauka kafin ya fara amfani, da wahalar sake yanka aikin da aka riga aka raba. A mako 5, ina ganin koyarwar ce za ta fi cizon ku.

Bari in ƙarasa lissafin da ita. A ce sabbin nan 4 ba za su fitar da abin kirki ba a mako 2 na farko, kuma kowannensu zai ci awa 10 a mako daga tsofaffi wajen nuna masa kan aiki. In hanya tana cin awa 1: ku 6 kaɗai za ku yi awa 1050 a mako 5. Da ƙarin mutane, mako 2 na farko tsofaffi suna fitar da 146 kowane mako, sauran mako 3 ana fitar da 310, jimilla 1222. Ƙarin ya biya kuɗinsa. In hanya tana cin awa 2: ku kaɗai 900, da ƙari kuma 844. Dubi yadda awa ɗaya tak ta juya hukuncin. Kuma a lissafi na biyun, da wa'adin mako 12 ne ba 5 ba, da ƙarin ya dawo da riba, don bayan koyarwa 220 ake yi a mako maimakon 180.

Baban_Khalil:
Allah ya saka da alheri, Baba. Mako biyun farkon nan su nake tsoro, kada a yi haihuwar guzuma, sabbi ba su tashi ba tsofaffi kuma sun kwanta. Amma ta yaya zan san ko mu 'yan awa 1 ne ko 'yan awa 2? Ba wanda yake riƙe agogo in zai yi tambaya.

Zainabu_Tsari:
Kafin ka auna awa, fara duba ko 15 ɗin ma duk suna raye. Lissafin yana ba ka iyakar hanyoyin da za su iya samuwa ne, ba waɗanda ake bi ba. Ɗauki takarda, jera sunayenku 6 a tsaye da kuma a kwance. Kowane mutum biyu ka tambayi kanka: a mako 2 da suka wuce, akwai ranar da ɗaya ya tsaya cak yana jiran ɗayan, ko ya sake aiki saboda ɗayan ya canza wani abu? In e, sa alama. Gaisuwa da hira ba sa ciki. Sannan ka dubi sabbin 4, ka rubuta wa kowanne sunayen waɗanda dole ya taɓa aikinsu. Cikin sabbin hanyoyi 30 ɗin nan, 24 tsakanin sabo da tsoho ne, 6 kuma tsakanin sabbin su ya su. Za ka iya kashe da yawa tun kafin su zo, in ka san inda za ka zaunar da su.

Injiniya_Auwal:
Mafita a bayyane take ai. A raba 10 gida biyu, 5 da 5. Kowane gida hanya 10, wakili ɗaya daga kowane gida su riƙa magana, hanya 1. Jimilla 21 maimakon 45. Ko ma kowa ya riƙa bi ta wurin Baban Khalil kawai, hanya 9, an huta.

Zainabu_Tsari:
Lissafinka daidai ne a takarda, Injiniya. Amma ta biyun na taɓa zama a tsakiyarta, ba na fata wa kowa. Mutum 8 ne suke bi ta kaina. Na wayi gari ba na aikin komai sai kai saƙo, in na shiga taro na awa 2 mutum uku suna zaune suna jirana. Ranar da na kwanta rashin lafiya aiki ya tsaya. Kuma bayanin da ya bi ta bakina ba ya isa yadda aka faɗe shi, don ni ba gwanar kowane fanni ba ce. An gudu ba a tsira ba.

Rabawa gida biyu kuwa tana aiki ne in aikin kansa ya rabu a daidai wurin da ka raba mutanen. In gida biyun duk suna taɓa rumbun bayanai ɗaya suna canza masa tsari, hanyoyi 25 da ke tsakaninsu ba su mutu ba. 24 da ka goge a takarda za su bi ta kan wakilan nan biyu, ko su bi ta bayan fage ba ka sani ba.

Dattijon_Aiki:
Wannan gaskiya ne, kuma tsohuwar muhawara ce. Wani masanin manhaja mai suna David Parnas ya rubuta a 1972 cewa a yanka manhaja yadda kowane ɓangare zai ɓoye cikinsa, sauran su san ƙofar shiga kawai. Brooks da farko bai yarda ba, yana ganin gara kowa ya ga aikin kowa. Bayan shekara 20, a bugun 1995, ya fito ya ce Parnas ne da gaskiya. Ƙofar da aka amince da ita aka rubuta, ita ce take kashe hanya. Zanen akwatuna a allo ba ya kashe komai.

Ƙanwar_Maza:
To na gane yanzu ba imel ake nufi ba. Amma ku tsaya, maganata ba ta faɗi duka ba. In na tura saƙo ɗaya a guruf mutum 9 suka karanta, ai na bi hanya 9 da bugu ɗaya. Ina 45 ɗin take a nan?

Malama_Lissafi:
Kina da gaskiya a kan sanarwa. In abin da ake buƙata shi ne kowa ya ji, saƙo ɗaya ko taro ɗaya ya wadatar, kuma taron awa 1 na mutum 10 awa 10 ya ci, ya fi arha a kan zama 45 na mutum bibbiyu. Inda ba ya wadatarwa shi ne in ana buƙatar a daidaita. Ke kin ce za ki canza abu, na uku ya ce zai ɓata masa nasa, gyaran da aka yi don na uku ya taɓa na bakwai. Wannan ba a yin sa da sanarwa. Kuma wanda ya ga saƙo ba lallai ya fahimce shi yadda kike nufi ba, tambayi Ummu Hafsa.

Ummu_Hafsa:
Wallahi kuwa. Mu ma duk muna ɗaki ɗaya, kowa yana jin kowa.

Ɗalibi_Nura:
Don Allah ku yi haƙuri in ɗan kauce. Ina shirin jarrabawar sarrafa ayyuka, irin wannan tambayar tana fitowa. In aka ce manaja yana da mutum 6 aka ƙara 4, da 6 zan fara ko da 7?

Mai_Gwaji:
Karanta lafazin da kyau, ƙanena. In an ce tawagar mutum 6 ce har da manaja, 6 ne. In an ce yana da mutum 6 a ƙarƙashinsa, sai ka ƙara shi, 7 zuwa 11, wato 21 zuwa 55. Sannan ka duba ko jimilla aka tambaya ko ƙarin da aka samu. A nan ƙarin 34 ne. Nan mutane suka fi faɗuwa, ba a lissafin ba.

Baban_Khalil:
Na yi abin da Hajiya Zainabu ta ce daren jiya. Cikin 15, guda 9 ne suka samu alama. Abin da ya ba ni mamaki, 5 daga cikin 9 ɗin a kan mutum ɗaya suke, wanda yake riƙe da rumbun bayanai. Kowa yana jiransa, har ni. Mai zana fuskar manhaja da mai gwaji kuwa, ban da shi, kowannensu mutum ɗaya kawai yake hulɗa da shi. Da na jera sabbin 4, uku daga cikinsu aikin da oga yake so su yi sai ya bi ta kan wannan bawan Allah ɗin. Zai tashi daga 5 zuwa 8.

Zainabu_Tsari:
To ka ga hujjarka, kuma ba 45 ba ce. Shi za ka nuna wa oga. Ni da ni ce, zan karɓi mutum biyu: ɗaya ya zauna da mai gwaji, ɗaya ya ɗauke wa mai rumbun ƙananan buƙatun da ke katse shi. Sauran biyun a bar su sai bayan wa'adi.

Dattijon_Aiki:
Na farkon na yarda. Na biyun ina da ja, Hajiya. Wa zai koya wa mataimakin aiki? Shi dai mutumin da kowa yake jira. Za ki cire masa awa 10 a mako a daidai lokacin da ba shi da ko ɗaya. Ni zan ɗauki mutum ɗaya don gwaji, in roƙi oga a rage abin da za a miƙa a mako na 5.

Zainabu_Tsari:
Ranka ya daɗe, in an bi taka, mako 5 za su wuce yana nan shi kaɗai, aiki na gaba ma a sake wannan zancen. Wata rana dai sai an biya kuɗin koyarwar nan.

Dattijon_Aiki:
Sai an biya, amma ba dole a wannan watan ba.

Sabo_Dogo:
Ni dai har yanzu ban ga wanda ya nuna min cewa mutum 10 sun kasa mutum 6 a zahiri ba. Duk "a ce" da "mu ƙaddara" nake gani.

Ɗan_Gwari99:
Baban Khalil, wani abu ban gani a takardarka ba. Shi ogan da mutanen da ake yi wa manhajar fa? In suna kiran 'yan tawagarka kai tsaye suna canza buƙata, ai su ma suna cikin `n`.

Baban_Khalil:
Kai, ban sa su ba. Oga yana kiran mutum uku cikinmu kai tsaye, wakiliyar masu aikin kuma tana kiran ni da mai rumbun. To nasa 6 ne ma tun yanzu, ba 5 ba. Bari in sake zana takardar da mutum 8 kafin in shiga wurinsa gobe. Baba, in ya dage sai huɗun duka, akwai yadda zan zaunar da ukun nan ba tare da sun taɓa rumbun ba, ko in ce a ba su wani aikin dabam kawai?